Kafin ka nemi ƙarin albashi, ka tara hujja

A kowane ofis da kamfani da shago a ƙasar nan akwai ma'aikacin da ya yi watanni yana shirya maganar da zai faɗa wa manajansa a kan albashi. Yana bitar ta a cikin a-daidaita-sahu, yana bitar ta kafin barci. Ranar da ya samu ƙarfin halin shiga ofis, abin da ke fitowa daga bakinsa shi ne: "Yallaɓai, wallahi abubuwa sun yi tsada, a duba mu." Manaja ya girgiza kai, ya ce shi ma abin ya shafe shi, ya ce za a duba. Daga nan maganar ta mutu.

Ma'aikacin bai yi ƙarya ba. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci da na haya suka tashi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin 100 a Disambar 2024. Ma'anar wannan ita ce, wanda ke karɓar Naira 120,000 a Disambar 2023, idan ba a ƙara masa ko kwabo ba, bayan shekara guda kuɗinsa abin da Naira 89,000 ta saya a da kawai za su iya saya masa. An rage masa albashi ke nan ba tare da an rubuto masa takarda ba.

Sai dai ra'ayinmu shi ne, tsadar rayuwa dalili ne mai ƙarfi na neman ƙari, amma hujja ce mai rauni wajen samunsa. Tsadar ta shafi kowa a kamfanin, daga maigadi har manajan kansa, kuma ta shafi kamfanin ma ta wajen kuɗin dizal da na wuta. Idan manaja ya ƙara maka saboda tsada, da wane baki zai hana sauran mutum arba'in? Abin da zai ba shi damar ƙara maka kai kaɗai shi ne hujjar da ta keɓanta da kai: ga abin da ka yi, ga abin da ya jawo wa wurin, ga kuma inda za a duba a tabbatar.

Manajanka ma yana da wanda zai yi wa bayani

Yawancin ma'aikata suna ɗaukar manaja a matsayin mai wuƙa da nama. A kamfanoni da dama ba haka abin yake ba. Manajan reshe ko shugaban sashe yakan kai maganar ne gaban mai kamfani, ko babban akanta, ko sashen kula da ma'aikata. A can za a tambaye shi abu guda: me ya sa wane, ban da sauran? Idan duk abin da ka ba shi shi ne kana da iyali kuma ka daɗe a wurin, to zai shiga wannan zama hannu rabbana. Ko da yana ƙaunarka, ba zai zubar da girmansa a kan buƙatar da ba zai iya karewa ba.

Saboda haka aikin da ke gabanka shi ne ka haɗa masa takarda mai shafi ɗaya wadda zai iya ɗauka ya ajiye a teburin na sama da shi, ta yi magana ko ba ka wurin. Irin wannan takarda ba a rubuta ta a daren da za a yi zama, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Aiki ne na wata shida zuwa shekara.

Me ake kira hujja?

"Ina zuwa da wuri" ba hujjar ƙarin girma ba ce, don an ɗauke ka ne ka zo da wuri. "Ina ƙoƙari sosai" ma haka, kowa zai iya faɗa. Hujjar da ke aiki tana amsa tambayoyi huɗu. Yaya abin yake kafin ka sa hannu? Me ka yi? Yaya ya koma bayan nan? A wane littafi ko rahoto na kamfanin za a ga haka?

Tambayar farko ce aka fi mantawa da ita, kuma ita ce ginshiƙi. Idan ka ce "na sayar da katan 800 a watan jiya," mai sauraro bai san ko wannan ci gaba ne ko koma baya ba. Idan ka ce "lokacin da aka ba ni wannan layi ana sayar da katan 500 a wata, yanzu wata huɗu a jere ba mu yi ƙasa da 800 ba," ka faɗi abin da za a iya aunawa. Don haka duk ranar da aka damƙa maka sabon aiki, ka rubuta yadda ka same shi tun kafin ka fara gyara.

Akwai tarko guda a zamanin hauhawar farashi. Idan cinikin sashenka ya ƙaru daga Naira miliyan 10 zuwa miliyan 13 a shekarar da farashin kayan ya tashi da kusan kashi 30 cikin 100, to ba ka sayar da ƙarin komai ba, farashi ne kawai ya hau. Akanta zai gane haka cikin minti ɗaya. Ka ƙirga da katan ko buhu ko yawan kwastomomi ko kwanakin da aiki ke ɗauka, sannan ka juya su zuwa Naira a kan farashi guda.

Misali daga sito

Mu ƙaddara wani mai kula da sito a kamfanin da ke rarraba kayan masarufi ga 'yan kasuwa a Kano. Alƙaluman da za mu kawo na misali ne, don a ga yadda lissafin yake tafiya. Albashinsa Naira 120,000 a wata, kuma shekara biyu ke nan ba a taɓa shi ba. A kamfanin ana ƙidayar kaya duk bayan wata uku, odita ya zo ya kwatanta abin da ke cikin littafi da abin da ke ƙasa.

Lokacin da aka ba shi makullin sito, rahoton ƙidaya biyu na baya sun nuna asarar kusan Naira 900,000 a kowane wata uku. Wani ɓangare kayan da wa'adinsu ya ƙare ne a bayan sito, kamar madara da taliya da aka danne da sababbin kaya. Sauran kuma giɓi ne tsakanin littafi da abin da aka ƙirga. Ya rubuta wannan adadi a ƙaramin littafinsa tare da kwanan watan rahotannin biyu.

Sai ya yi gyara uku. Ya sake jera kaya yadda wanda wa'adinsa ya fi kusa zai riga fita. Ya hana ko katan ɗaya fita ba tare da takardar fitar da kaya mai sa hannun direba ba. Ya kuma fara ƙirga kayan da suka fi tsada duk ranar Asabar, ba ya jiran odita. Kowace Juma'a yakan ɗauki minti goma ya rubuta a wayarsa abin da ya yi a makon da abin da ya haifar. Ƙidaya uku da suka biyo baya sun nuna asarar ta sauko zuwa kusan Naira 250,000 a kowane wata uku.

Bambancin Naira 650,000 ne a wata uku, wato miliyan 2.6 a shekara idan aka ɗore a haka. Ban da wannan, tun da mataimakin manajan sito ya bar aiki wata bakwai da suka wuce, shi ne ke tsara aikin 'yan dako shida da jadawalin lodin motoci, ba tare da an sauya masa muƙami ko albashi ba.

Abin da zai nema shi ne a tabbatar masa da muƙamin da yake riƙe, a kuma kai albashinsa Naira 160,000. Ƙarin Naira 40,000 ne a wata, wato 480,000 a shekara. Amma mai hankali yakan yi lissafin kamar yadda akanta zai yi. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, kamfanin da dokar ta hau kansa yana zuba aƙalla kashi 10 cikin 100 a asusun fanshon ma'aikaci, shi kuma ma'aikacin ana cire masa kashi 8. Idan ƙarin gaba ɗaya ya shiga cikin kuɗin da ake lissafa fansho a kansu, kamfanin zai ƙara kashe Naira 48,000, jimilla 528,000 a shekara. Wannan kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na miliyan 2.6 da aka daina asara. Da wannan jimla guda manaja zai iya tsayawa gaban mai kamfani.

Lura da inda hauhawar farashi ta shigo. Naira 120,000 idan aka ɗora mata kashi 34.8 ta zama kusan 161,800. Ke nan abin da yake nema bai wuce mayar da albashinsa inda yake a da ba. Wannan lissafi yana taimaka masa ya san adadin da zai ambata bai yi yawa ba, kuma zai iya kawo shi a ƙarshe a matsayin ƙarin bayani. Amma ba da shi zai buɗe magana ba.

Kada ka ci haƙƙin wasu a takardarka

Nan ne da yawa ke tuntuɓe. A misalinmu, idan a cikin wannan shekara kamfanin ya sa kyamarori a ƙofar sito, to ba shakka su ma sun taimaka wajen rage giɓin. Manaja ya san da haka, don shi ya sa hannu aka saye su. Idan mai kula da sito ya ɗauki duk nasarar ya ɗora a kansa, tambaya ɗaya za ta rushe takardar, kuma sauran alƙalumansa na gaskiya ma za a fara kallonsu da shakka.

Abin da ya fi shi ne ya riga manaja faɗa. Ya raba asarar gida biyu, ya ce giɓin ƙidaya ya ragu ne saboda takardar fitar da kaya da kuma kyamarori, amma raguwar kayan da ke lalacewa daga sabon jerin da ya yi ne kaɗai, domin kyamara ba ta hana madara wuce wa'adi. Ya kuma ambaci 'yan dakon da suka bi tsarin. Adadin da zai rage a hannunsa zai yi ƙasa da miliyan 2.6, amma babu mai iya taɓa shi.

Wani abin kiyayewa shi ne yadda ake tara hujjar. Ka rubuta taƙaitaccen adadi da kwanan wata da sunan rahoton da za a duba. Kada ka kwashi takardun kamfani ko jerin sunaye da lambobin kwastomomi ka tura wa kanka a WhatsApp ko imel ɗinka na gida. Yawancin takardun ɗaukar aiki sun haramta hakan, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a. Wanda ya je neman ƙari da takardun da bai kamata su kasance a wayarsa ba yana iya fitowa da takardar tuhuma.

Lokaci da yadda za a buɗe magana

Ka bincika wane wata kamfaninku ke tsara kasafin shekara mai zuwa. Inda shekarar kuɗi ke farawa a Janairu, galibi ana wannan aiki ne a watannin ƙarshen shekara. Wanda ya zo a Fabrairu yakan tarar an riga an rufe lissafin albashi, ko da manajan yana son taimaka masa. Lokaci mafi kyau shi ne bayan wani sakamako mai kyau ya fito, kamar rahoton odita, kuma kafin a rufe kasafi. Ka kauce wa makon da aka yi babbar asara, da ranar biyan albashi da kowa ke cikin zafi.

Kada ka tare manaja a bakin masallaci ko a wajen ajiye motoci, kada kuma ka yi maganar a gaban abokan aiki. Ka nemi lokaci tun da wuri, ka faɗi dalili: "Yallaɓai, ina neman minti ashirin a mako mai zuwa, ina so mu duba aikina na wannan shekara da matsayina." Idan mace ce shugabar, "Hajiya" ko "Ranki ya daɗe," gwargwadon yadda aka saba a wurin. Sanarwar tana ba shi damar shiryawa, kuma mutumin da aka yi wa ba-zata amsar da ta fi zo masa da sauƙi ita ce a'a.

A zaman, mai kula da sitonmu zai miƙa takardar, ya ce: "Yallaɓai, lokacin da aka ba ni sito, ƙidaya tana nuna asarar kusan dubu ɗari tara duk wata uku. Ƙidaya ukun da suka wuce ta tsaya a kusan dubu ɗari biyu da hamsin, ga kwanakin rahotannin nan. Wata bakwai ke nan kuma ina riƙe da aikin mataimakin manaja. Ina roƙon a tabbatar min da muƙamin, a kai albashina dubu ɗari da sittin." Daga nan sai ya yi shiru ya saurara.

Wannan shirun yana yi wa mutanenmu wuya. An tarbiyyantar da mu da kunya da kawaici, muna ganin faɗin abin da muka yi kamar yabon kai ne, ambaton adadi kuma kamar rashin godiya. Shi ya sa wani yana gama faɗin buƙatarsa sai ya soke ta da bakinsa: "amma ko nawa aka ba ni na gode." Karanta alƙaluman da ke cikin littafin kamfani ba yabon kai ba ne, rahoto ne. Kuma wanda bai faɗi adadi ba ya bar wa wani ya yanke masa, sau da yawa a ƙara masa dubu biyar a ce an duba shi.

Yadda za ka karanta amsar

Ba kasafai ake cewa e a zaman farko ba, kuma "a'a" iri-iri ce. Idan aka ce babu kuɗi yanzu, ka tambayi yaushe za a sake duba albashi, ka kuma tambaya ko akwai abin da za a iya yi kafin lokacin, kamar alawus na riƙon muƙami ko na sufuri, ko a raba ƙarin kashi biyu. Ka dai sani cewa alawus ya fi sauƙin cirewa, kuma ba kowane alawus ne ke shiga lissafin fansho ba.

Idan aka ce ba ka kai ba tukuna, ka tambayi me ya rage, a faɗa maka a fili. Manajan da ke da niyya zai ba ka abu biyu ko uku da za a iya aunawa, ya sa muku rana. Wanda ba shi da niyya zai ce "ka dai ci gaba da ƙoƙari." Idan ka cika sharuɗɗan da aka gindaya, ranar ta zo, sai aka fito da sababbi, kuma hakan ya faru sau biyu, to ka samu amsarka ko da ba a furta ta ba.

Akwai kuma muƙamin da ba kuɗi. A kira ka mataimakin manaja, a ƙara maka nauyi da alhakin duk abin da ya ɓata, albashi yana nan inda yake. Wani lokaci karɓa yana da amfani, don sunan muƙamin zai taimaka maka a wajen neman aiki nan gaba. Amma ka karɓa da ranar da za a daidaita albashin, kuma a rubuce.

Duk abin da aka amince da shi, ka tura gajeren saƙo a ranar: godiya, abin da aka tsayar, da ranar da zai fara aiki. Sannan ka nemi wasiƙa. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta tanadi a bai wa ma'aikacin da take karewa sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki, har da albashinsa, kuma a sanar da shi a rubuce idan sharuɗɗan suka sauya. Manajoji suna barin aiki, ana yi musu canji, kuma wanda ya gaje su ba ya gadon romon baka.

Barazanar ajiye aiki kuwa, kada ka yi ta sai kana da takardar wani aikin a hannu kuma ka shirya tafiya da gaske. A kasuwar da masu neman aiki suka fi guraben yawa, manaja yana iya cewa Allah Ya kiyaye hanya, ka saki reshe ka kama ganye.

Inda wannan hanya ba ta kai ba

Ma'aikacin gwamnati ba ya cinikin albashi da daraktansa, domin albashi yana bin mataki ne. A aikin gwamnatin tarayya, ƙa'ida ita ce shekara biyu kafin ƙarin girma ga masu mataki na 06 zuwa ƙasa, shekara uku ga mataki na 07 zuwa 14, shekara huɗu ga mataki na 15 zuwa 17, sannan sai da gurbi, ga manyan ma'aikata kuma da jarrabawa. Duk da haka littafin hujja yana da amfani a can, wajen cike takardar auna ƙwazo ta shekara da kuma bin sawun ƙarin girman da aka jinkirta.

Haka kuma, wanda ake biya ƙasa da Naira 70,000, mafi ƙarancin albashin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yulin 2024, a wurin da ke da ma'aikata 25 ko fiye, ba ƙari yake nema ba. Haƙƙinsa ne a doka in dai cikakken ma'aikaci ne mai albashin wata, kuma ba ya buƙatar kawo hujjar ƙwazo kafin a ba shi.

Su ma masu kamfanoni da manajoji akwai magana a kansu. Ma'aikacin da ya zo da takarda mai alƙaluma ba fitsara ya yi ba. Shi ne wanda ya san abin da ke fita daga aljihunku, kuma irinsa ne kamfanin da ke maƙwabtaka da ku zai ɗauke da ƙarin dubu talatin. Ku lissafa abin da za ku kashe wajen nemo wani da koya masa aiki, da asarar da za ta dawo kafin ya ƙware. Idan ba za ku iya ƙari yanzu ba, ku faɗi gaskiya, ku sa rana, ku kuma cika.

Kai kuma mai karatu, idan kana da niyyar shiga ofishin manaja a bana, ka fara da wannan Juma'ar. Buɗe wajen rubutu a wayarka, ka sa kwanan wata, ka rubuta yadda aikin da ke hannunka yake a yau da lambobinsa. Da wannan adadin za ka kwatanta duk abin da za ka faɗa nan da wata shida.